Yadda Ake Raba Waƙar Sujada Murya Uku ga Ƙaramar Kwaya

Tambayar da ta fi yawa daga masu jagorantar waƙa a ƙananan zumuntar masu jin Hausa a nan Sudan ita ce: mutum goma ko goma sha biyu ne, ba wanda ya taɓa koyon karatun waƙa, ta yaya za a raba musu waƙa ta fito da daɗi? Amsar a taƙaice ita ce a bar maganar murya huɗu tukuna. Murya uku ta isa: masu riƙe karin waƙar, wato sofrano, sai alto, muryar mata ta ƙasa, sai bes, muryar maza ta ƙasa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 mutane ba sa zama wuri ɗaya, wanda ke Bur Sudan yau wata mai zuwa yana Kassala ko ya koma gida Najeriya. Rabon da ya dace da mu shi ne wanda ba zai rushe ba don mutum biyu ba su zo ba.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe: kwaya mai mutum 11, mata 7 da maza 4.

Abin da za ka tanada

Kana bukatar abin da zai ba ka sauti tsayayye. Kibod mai maɓalli 61 ya fi, kuma yawancin ƙananan suna aiki da batir shida idan an ɗauke wuta. In babu, manhajar piyano ta kyauta a waya ta wadatar. Sai allo da alli ko babbar takarda, wayar da za a naɗi murya da ita, da ruwan sha. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na batir da hoton takardu ba. Tsadar aikin tana wajen lokaci: zama huɗu, kowane kamar awa ɗaya da kwata, kafin waƙa ɗaya ta zauna. Da yake Lahadi ranar aiki ce a nan, Juma'a ko Asabar da yamma, bayan rana ta yi sanyi, ya fi sauƙin tara mutane.

1. Zaɓi waƙar da za ta rabu

Ɗauki waƙar da kowa ya riga ya haddace karinta. Duba abu uku. Daga sautinta mafi ƙasa zuwa mafi sama kada ta wuce mataki takwas, wato daga do zuwa do na sama. Ta riƙa tafiya mataki-mataki, ba tsalle mai nisa ba. Sannan kowace gaɓar kalma ta sami sauti ɗaya, ko biyu in ya yi yawa. Waƙar da ake jan gaɓa ɗaya ana lanƙwasa ta sau biyar tana da daɗi a bakin mutum ɗaya, amma mutum uku ba za su lanƙwasa tare ba.

Gargaɗi: kada ka koyar da sabon kari da sabon rabo a lokaci guda. Idan waƙar sabuwa ce, a rera ta da murya ɗaya a sujada mako biyu ko uku kafin a taɓa rabo.

2. Gwada muryoyi ɗaya bayan ɗaya

Minti uku ya isa kowane mutum. Masu jin kunya ka gwada su biyu-biyu. Fara da danna maɓalli ɗaya a tsakiyar kibod ka ce ya kama da "laa". Sannan ku sauka mataki-mataki har muryarsa ta fara dushewa, ku hau har jijiyar wuyansa ta fara tashi, ka rubuta iyakokin biyu. A kibod mai maɓalli 61, C na tsakiya shi ne C na uku daga hagu. Yawancin matan da ba su koyi waƙa ba suna jin daɗi daga A da ke ƙarƙashin wannan C ɗin zuwa C ko D na sama. Yawancin maza kuma kusan haka ne, mataki takwas a ƙasa.

Gwaji na uku shi ne mai muhimmanci. Ka sa mutum ya rera layin farko na waƙar, kai kuma ka tsaya kusa da kunnensa kana rera wani sauti dabam. Wanda ya ci gaba da abinsa bai biyo ka ba, wannan zinariya ne, ka yi masa alama. Mata irin waɗannan su ne alto ɗinka, ko da muryarsu tana iya hawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tara masu zaƙin murya duka a sofrano, a tura ragowar alto saboda "muryarsu ƙasa take". Karin waƙa kowa ya san shi, jama'a ma za su taimaka. Alto ne ke bukatar kunne mai taurin kai.

Za ka sami mutum ɗaya, galibi namiji, da ke rera komai a sauti guda kamar yana magana. Kada ka kore shi. Nemo sautin da yake kai a kibod, ka danna masa shi ya ji sun haɗu, sannan ka matsa mataki ɗaya sama ka ga ko zai bi. Da yawa suna buɗewa a haka cikin 'yan makonni. Kafin nan ya zauna kan karin waƙa, kusa da mai ƙarfin murya, yana yi a hankali.

A misalinmu rabon ya zama haka: mata 4 a sofrano, mata 3 a alto, maza 3 a bes, namiji na huɗu yana bin kari a muryarsa ta maza. Kusan rabin kwaya kenan a kan kari, haka ake so. Kada wata murya ta kasa mutum biyu, uku ya fi, don idan ɗaya ya ja numfashi ko ya ɓata sauran su riƙe. Yara duka su bi kari. Idan kuma za ka matsar da dattijuwar da ta shekara ashirin tana jan waƙa zuwa alto, ka same ta a gefe ka ce, "Mama, alto ba su da uwa, ku za ku riƙe mana su." Gaskiya ce kuwa, kuma ta fi a sanar a gaban yara.

3. Tsayar da ki

Ki shi ne inda do ya zauna. Littafin waƙa yakan sa shi inda ya dace da ƙwararru, ba dole ne ka bi ba. Nemo sauti mafi sama a waƙar, ka sa shi inda mace mafi raunin murya a sofrano za ta kai ba tare da ta ɗaga haɓa ba. Sannan ka duba ƙasa, ko bes za su iya sauka.

Waƙar misalinmu tana tafiya daga do zuwa la. Idan do ya zama D, sofrano za su tsaya a B, ba wahala. Alto mafi ƙasa zai taɓa baƙin maɓallin da ke bin C na tsakiya. Bes kuma za su sauka zuwa A na ƙasa, wanda yawancin maza ke kaiwa. Da a C aka sa do, so na bes zai faɗa G na ƙasa, inda muryar maza da yawa ke komawa iska kawai. Mai kiɗan da ya iya C kaɗai ba sai ya koyi sabon yatsu ba: ya danna `TRANSPOSE` ya kai `+2`, ya buga abin da ya saba, sautin zai fito a D.

Ka rubuta ki a saman takarda. Mai jan waƙar da ke ɗauko sauti daga kansa kowace Lahadi, wata rana zai ɗauko sama ya bar sofrano suna ƙara, wata rana ƙasa ya binne bes.

4. Rubuta kari, ka sa bes a ƙarƙashinsa

Rubuta kalmomin gaɓa-gaɓa, ka sa sol-fa, wato harafin farko na do, re, mi, fa, so, la, ti, a ƙarƙashin kowace. Waƙafi a gefen harafi yana nufin sautin da ke ƙasa da do. Ga layi biyu da aka shirya don wannan darasi:

```
Ya  Al lah mun zo  ga ban ka
m   m  s   s   m   l  l   s

Mu  na ya  bon ka  da mur na
s   l  s   m   m   r  r   d
```

Bes ake fara rubutawa kafin alto, domin shi ne duwatsun murhu da tukunyar za ta zauna a kai. Kuma duwatsun uku ne kacal. Akwai gidan do, mai ɗauke da do, mi, so. Akwai gidan fa, mai fa, la, do. Akwai gidan so, mai so, ti, re. A kin D, mai kibod zai san su da D, G da A. Aikinka shi ne ka dubi sautin kari, ka ga gidan da yake ciki, ka ba bes sunan gidan. Mi na gidan do ne, bes su rera do. La na gidan fa ne, su rera fa. Re na gidan so ne, su rera so.

Do da so kowanne yana cikin gida biyu. A nan dokar ita ce bes kada su motsa sai dole. Idan suna kan do, kari ya hau so, su zauna inda suke. Ƙarshen waƙa kuwa kusan kullum so ne ya koma do.

```
Ya  Al lah mun zo  ga ban ka
d   d  d   d   d   f  f   d

Mu  na ya  bon ka  da mur na
d   f  d   d   d   s, s,  d
```

Lura da cewa fa na sama aka ba su, so kuma na ƙasa. A kin D, fa na ƙasa ya yi zurfi da yawa. Idan waƙarka tana da sautin da ke wucewa da sauri a kan gajeriyar gaɓa, kada ka canza bes saboda shi. Canji kaɗan a layi ya ishi mazan da ba su saba ba.

5. Alto: mataki biyu ƙasa, amma ba kullum ba

Hanyar farawa ita ce a sauko daga kari a tsallake sauti ɗaya: ƙarƙashin mi akwai do, ƙarƙashin so akwai mi, ƙarƙashin la akwai fa, ƙarƙashin re akwai ti. Yawancin matan da suka tashi a majami'a suna yin wannan da ka, ba tare da an koya musu ba. Amma dole a tace. Kowane sautin alto ya kasance cikin gidan da bes suke a wannan lokacin.

Inda ake faɗawa rami shi ne ƙarƙashin do. Idan aka tsallake ɗaya aka sauko, la za a samu, kuma la ba ya cikin gidan do. Alton da ke bin kari kamar inuwa za ta ƙare waƙa a la, sai a ji waƙar ta ƙare da wani irin baƙin ciki, kamar an bar ƙofa a buɗe. Idan ka ji ƙarshen waƙarku bai sauka ba, nan za ka fara dubawa. Maganinsa alto su haɗu da sofrano a kan do.

```
Ya  Al lah mun zo  ga ban ka
d   d  m   m   d   d  d   m

Mu  na ya  bon ka  da mur na
m   f  m   d   d   t, t,  d
```

Dubi "ga-ban" a layin farko. Da dokar tsallake aka bi, fa za a ba alto. Amma bes ma a daidai nan suke tashi daga do zuwa fa, sai muryoyin biyu su yi tafiya iri ɗaya, kunne ya ji kamar murya biyu ce kawai ake yi maimakon uku. Da aka bar alto a kan do, sun huta da tsalle, kuma gidan fa ya cika: bes fa, sofrano la, alto do. A layi na biyu kuwa, a kan "na", an ba su fa, saboda daga mi suke, rabin mataki ne kawai su hau su dawo. Ka riƙa zaɓa wa alto sautin da ya fi kusa da inda suke.

Ti ɗin nan na ƙarshe shi zai ba ka aiki. Waƙoƙin da ake ji a rediyo da bukukuwa a tsakiyar Sudan galibi a kan sauti biyar suke, do re mi so la, babu fa babu ti, kuma waƙoƙin gargajiya da yawa na ƙasar Hausa haka suke. Kunnen da ya saba da wannan yakan ji rabin mataki ya yi masa ƙunci, sai ya zarce ti ya faɗa la. Za ka gane haka idan gaɓar "mur" ta yi duhu. Ka sa alto su riƙa maimaita do, ti, do a hankali sau goma a farkon kowane zama, ka gaya musu ti yana manne da do, ƙasa kaɗan kamar mutum ya sunkuyar da kai. Idan bayan zama biyu ya ƙi, a ba su re su haɗu da sofrano a waɗannan gaɓoɓi biyu. Za a rasa ɗan armashi, amma ba za a ji tsami ba.

6. Daidaita kalmomi kafin sauti

Kafin kowa ya rera rabonsa, duka su karanta kalmomin da baki suna tafi, a saurin da za a rera. Bugu 76 zuwa 84 a minti ya dace da irin wannan waƙa. Hausa tana da doguwar gaɓa da gajeriya, kuma idan dogon sauti ya faɗa kan gajeriyar gaɓa ma'ana takan canza. Ja "ga" na gari ka ji yadda birni ya koma garin tuwo. A misalinmu "ga" na "gabanka" gajere ne, a taɓa shi a wuce, a zauna kan "ban". Aya ta farko takan dace da kari, matsalar tana aya ta uku da ta huɗu, musamman a waƙoƙin da aka fassara. Bi kowace aya da fensir, ka yanke yadda za a raba gaɓoɓin, kowa ya rubuta iri ɗaya. Ka sa alamar inda za a ja numfashi, kada ya faɗa tsakiyar kalma. Idan kuna ƙara aya ta Larabci saboda yaran da suka tashi a nan, a rera ta da murya ɗaya, don gaɓoɓinta ba za su faɗa inda na Hausa suka faɗa ba.

7. Koyar da murya ɗaya-ɗaya

Zama na farko na bes ne. Kowa da kowa, har mata, ya koyi layin bes, layi biyu kawai a lokaci guda, da sol-fa tukuna sannan da kalmomi. Amfanin haka shi ne ba mai zaman banza yana hira, kuma kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Daga nan sofrano su koma kari a hankali, bes su yi nasu da ƙarfi. Idan mace ce ke koyarwa, ta nemi namiji ɗaya ya fara kama layin ya nuna wa sauran. Maza sukan rikice idan suka ji layinsu a muryar mace, wasu su matse wuya su hau inda take, wasu su nutse ƙasa da inda ya kamata.

Zama na biyu na alto ne, da tsari iri ɗaya. Haɗa alto da bes tukuna, ba da sofrano ba. Kari yana da maganaɗisu, da zarar alto sun ji shi kafin layinsu ya zauna sai su koma cikinsa ba su sani ba. Bayan alto da bes sun yi sau uku ba kuskure, sai mace ɗaya daga sofrano ta shigo da kari a hankali daga nesa, sannan biyu, sannan duka.

A ƙarshen kowane zama ka naɗi kowace murya dabam a waya ka tura wa masu ita. Naɗi biyu ake so: ɗaya layin shi kaɗai, ɗaya layin da ƙarfi ana jin kari ƙasa-ƙasa a baya. Na biyun ne ke koya wa mutum tsayawa da ƙafarsa. Kada ya wuce minti ɗaya, saboda intanet ɗinmu yadda yake.

8. Haɗa su, ka saurari inda ya karye

A zama na uku ka sa kowace murya a kusurwarta ta ɗaki, sannan ka riƙa matso da su taku biyu-biyu bayan kowace rerawa, har su zama rabin da'ira: sofrano a hagu, alto a dama, bes a baya ta tsakiya inda kowa zai ji su. Kada alto mai rauni ta tsaya a gaban sofrano mai ƙarfin murya.

Farawa tana da tsarinta, kuma a yi shi iri ɗaya kullum. A danna do, bes su kama da baki rufe, alto su kama do nasu na sama, sofrano su hau mi, a riƙe daƙiƙa biyu, ka ƙirga, a shiga. Rabin rushewar da ake gani a sujada daga sautin farko take.

Idan abu ya lalace kada ka ce a sake daga farko. Tsaya a gaɓar da ta lalace, ka sa kowace murya ta riƙe sautinta na wannan gaɓa, bes tukuna, sai alto, sai sofrano. Nan take za a ji wanda ya kauce. Sannan a koma gaɓa biyu baya a shigo.

Gwada su ba kibod, ka danna do bayan sun gama. Idan do ɗinsu yana ƙasa da na kibod, sun zame. Dalili uku ne suka fi kawo wannan: ana jan waƙa da nawa har numfashi ya ƙare kafin ƙarshen layi, ko sofrano suna faɗaɗa mataki wajen saukowa kamar a "ya-bon-ka da mur-na", ko bes suna danna murya don a ji kaurinta. Ƙara sauri kaɗan tukuna. In bai yi ba, ɗaga ki rabin mataki, `+3` maimakon `+2`, sau da yawa wannan kaɗai yana farkar da su. A ranar zafi mai nauyi ko ranar da habub ta taso da ƙura, zamewa ba laifin kowa ba ce, maƙogwaro ne ya bushe. A sha ruwa, a gajarta zama. Idan kuma janareta ko fanka na ƙara kusa da bes, ba za su ji do ba sai hucin injin, a matsar da su.

9. Raba ayoyi

Ba dole kowace aya ta zama murya uku ba, kuma kwaya sabuwa ba za ta jure hakan ba. Ga waƙa mai aya huɗu da korus, zama na huɗu ya tafi kan wannan tsari: aya ta farko kowa a kan kari, don jama'a su kama su shigo. Ta biyu mata kaɗai, sofrano da alto. Ta uku maza su ɗauki kari, mata su yi shiru, ko mai ja ɗaya ya ja layi kwaya ta amsa. Ta huɗu murya uku cikakku. Korus kuwa murya uku a kowane zagaye, tunda shi aka fi maimaitawa shi zai fi zama.

Ka shirya abin da za a yi idan mutane ba su cika ba, ka gaya musu tun ranar koyo. Idan bes ɗaya ne ya zo, ya koma kari, kibod ya riƙe ƙasa da hannun hagu. Idan alto ɗaya ce, ta yi rabonta a korus kaɗai, ko a ɗauko mata abokiya daga sofrano, wanda zai yiwu tunda kowa ya koyi layin kowa. Teno kuma, wato murya ta huɗu ta maza masu hawa sama, sai ranar da kuka kai kamar mutum 16, da maza uku aƙalla da ke hawa D da ke bin C na tsakiya ba tare da sun matse ba, kuma bayan an cire su har yanzu bes suna da mutum uku. Ko a ranar ba sai an sake rubuta komai ba: a kowace gaɓa ka duba sautin gidan da ba wanda ya ɗauka, kamar so a kan "Ya Al" na layin farko, ka ba teno shi.